Rabon Takarda Ashirin

Hutun Ƙaramar Salla ya komo da wani ɗalibin Sashen Hausa gida Utai, ta ƙasar Wudil, saura mako biyu jarrabawa. Ya zo da littattafan rubutu uku cike da darasin Nahawu, darasin da ya kayar da shi bara. In ya sake faɗuwa, sai ya ƙara shekara, ga shi kuwa rago mahaifinsa ya sayar aka biya kuɗin makarantar bana.

Bara son zuciya ya bi wajen taƙaitawa. Tarihin rubutun boko yana yi masa daɗi, sai ya cika shafi goma da labarin ƙa'idojin da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya fitar a 1912 da taron Bamako na 1966, ya bar aikatau a shafi biyu.

Bana sai ya fara da manhajar da malaminsu ya raba. Aikin aji ya riga ya ɗauke maki 30, saura 70: aikatau 28, jinsi da jam'i 21, karin sauti 14, tarihin rubutu 7. Ya ƙudura ba zai wuce shafi ashirin ba, ya raba su bisa wannan ma'auni: takwas, shida, huɗu, biyu.

Tarihi bai ba shi wahala ba, domin suna ne da shekara da abin da aka zartar. Aikatau kuwa ya ƙi matsuwa. Rukunai bakwai da F. W. Parsons ya tsara a 1960 ba sa zama a ka sai da misali, don haka ya zubar da dogon bayani, ya riƙe jeri irin su saya, saye, sayar, sayo, sayu.

Da ya rufe littafi don ya gwada kansa, sai ya cije. Kama da saya duk da wasalin a suka ƙare, me ya sa ɗaya yake rukuni na ɗaya, ɗayan na biyu? Amsar tana cikin karin sauti: kama sama ne sannan ƙasa, saya kuwa ƙasa sannan sama. Ashe batun da aka ba maki 14 shi yake ɗauke da mai maki 28.

Mahaifinsa da ya ji ƙorafinsa, sai ya ce, "Ɗan nan, ai ba faɗin gona kaɗai ake dubawa wajen zuba taki ba, har da inda ƙasa ta gaji."

A daren nan ya zare shafi ɗaya daga jam'i, tun da jam'in gida da na doki a bakin uwa ya sha su, ya ƙara wa karin sauti. Rabo ya koma takwas, biyar, biyar, biyu. Kashegari ya sake rufe littafi, rukunan nan bakwai suka zo masa a jere.