Taki a sito, bashi a ƙofa

Shekarun da na yi ina duba takardun masu neman rance a wani banki a Bauchi, kafin haɗe bankunan 2005, lissafi biyu muke fara yi wa kowane fayil. Na farko, karent reshiyo: a haɗa duk dukiyar da za ta iya zama kuɗi cikin shekara guda, a raba da bashin da za a biya cikin shekarar. Na biyu, kwik reshiyo: haka ɗin dai, amma a cire kayan da ke sito. An koya mana cewa 2 a na farko, 1 a na biyu, alamar lafiya ce.

Wani Alhaji dilan takin zamani da ke kusa da kasuwar Wunti ya kawo lissafinsa na ƙarshen Disamba. Taki na naira miliyan 6 a sito, yana bin mutane miliyan 3, miliyan 1 a hannu. Ana bin sa miliyan 5. Goma a raba da biyar, 2 cif. Da muka cire takin sai aka koma 0.8, wanda bai kai a ɗaga hankali ba.

Manajanmu, dattijo mai ƙarancin magana, ya ce da ni: "Yaro, wa ke sayen taki a Disamba?" Gaskiya ce, manomin damina ba zai leƙo ba sai Mayu ko Yuni, 'yan noman rani kuwa ba za su kwashe sito guda ba. Masu bin Alhajin kuma a Fabrairu za su zo. Lissafin ya ɗauki wata biyu da wata shida abu ɗaya ne, tunda duk cikin shekara suke.

Sai ya sa na nemo jerin waɗanda Alhajin ke bi, da ranar da kowa ya ɗauki kaya. Miliyan 2 na wuyan wani ɗan kwangila tun daminar bara. In an cire su, 0.4 ya rage. Akwai ma dabarar da na gani daga baya a wasu fayilolin: mai irin wannan lissafi ya biya bashin miliyan 1 ana jibi sabuwar shekara, sai ya zama 9 a raba da 4, wato 2.25, alhali ko kwabo bai rage masa a hannu ba.

Masu hatsi na kasuwar Muda Lawal kuwa kwik reshiyo zaluntarsu yake yi. Dukiyarsu duk buhuna ce, a takarda sai ka ga 0.3, amma masara da gero a yini guda suke zama kuɗi hannu, ko da an ɗan karya farashi. Su manajan ke sa wa hannu ba gardama. Alhajin taki kuwa an ce ya dawo a Afrilu.