Yadda na sauke hotuna dubu biyu daga wayata ba tare da asarar ko ɗaya ba

A taronmu na watan jiya shugaba ya ce in ɗauki hoton rasit ɗin kuɗin da muka biya wa marayu na makaranta. Na ɗaga waya, kyamara ta ƙi ɗauka, ga rubutu a sama: Storage space running out. Sai da na ari wayar ma'aji. Bayan an tashi wani matashi ya ce in ba shi minti biyar ya share min tarkace. Na gode masa, na mayar da wayata aljihu. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani gudu yake.

Shekara uku da suka wuce na yi irin wannan gaggawar. Na sayi memori a hannun wani mai tebur a bakin tasha, an rubuta giga 64 a jikinsa, kuɗinsa kuma bai kai rabin na shago ba. Na sa a waya, na zaɓi hotuna duka, na danna Move. Sunayensu suka bayyana a katin, na ce alhamdulillah. Bayan sati biyu ƙanwata da ke aure a Gashuwa ta nemi hoton mahaifinmu na sallarsa ta ƙarshe, wanda na ɗauka muna dawowa daga kallon hawan Sarkin Fika. Na buɗe, toka-toka kawai. Na buɗe na gaba, haka. Kusan rabinsu sun tafi.

Daga baya wani mai gyaran waya ya yi min bayani. Katin giga 8 ne, aka yi masa dabara yana gaya wa waya cewa 64 ne. Idan ainihin cikinsa ya cika ba ya cewa ya cika. Yana ci gaba da rubuta sunan kowane hoto, hoton kuwa ko dai ya zube, ko ya hau kan na baya ya lalata shi. Amma laifin ba na katin kaɗai ba ne. Move yana kwafa ne sannan ya goge na asali nan take, ba tare da ya ba ka damar dubawa ba. Da Copy na danna, da hoton Baba yana nan a wayar har lokacin da zan gano katin jabu ne.

Shi ya sa wannan karon na ware ranar Asabar guda. Na fara da duba abin da ya cinye wurin, a Settings, sai Storage. Wayata giga 32 ce, amma tsarin wayar da manhajoji sun riga sun kwashe kusan rabi. A sauran, hotuna da bidiyon da na ɗauka da hannuna giga 6.8 ne, kayan WhatsApp kuma giga 9. Abin ya ba ni dariya: abin da nake tsoron rasawa bai kai yawan abin da mutane suka turo min ba tare da na roƙa ba.

Waɗannan biyun ba a wuri ɗaya suke zaune ba, kuma rashin sanin haka na sa mutane asara. Abin da kyamara ta ɗauka yana cikin folda ta farko a nan ƙasa, na WhatsApp a wayoyin Android 11 zuwa sama yana cikin ta biyu:

```
DCIM/Camera
Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media
```

A tsofaffin wayoyi foldar WhatsApp tana waje, kana buɗe ma'ajiyar wayar za ka gan ta. Ga ni sakatare, rabin takardun ƙungiya ta WhatsApp suka zo: rasit, hoton katin gayyata, jerin sunayen da wakilan unguwanni suka rubuta da hannu suka ɗauka suka turo. Da foldar kyamara kaɗai na kwafa, da duk waɗannan na bar su a baya ina tsammanin na gama.

Na caja wayar ta cika, na jona ta da laftof ɗin ƙungiya. Idan ka jona, wayar tana ɗauka caji kawai kake so, sai ka ja sanarwar sama ka zaɓi File transfer kafin kwamfuta ta ga cikinta. Igiyar farko da na gwada ko sanarwar ba ta kawo ba, domin akwai igiyoyin da caji kaɗai suke yi, babu wayar ɗaukar bayanai a cikinsu. Ta biyu ta yi. Na buɗe sabuwar folda a kwamfutar, na sa mata suna da shekara, na kwafa DCIM/Camera a ciki.

Kafin in fara, na rubuta a takarda adadin da ke wayar: fayil 2,140. Ana ganin wannan idan ka buɗe foldar ka danna Ctrl+A, adadin zai fito a ƙasan allo. Da kwafar ta tsaya, sai na yi wa ta kwamfutar haka. Fayil 1,903. An rasa 237. Ɗana ƙarami ya ja teburin ana tsakiyar aiki, igiyar ta motsa, kwafar ta yanke, ni kuma ina alwala ban ga saƙon ba. A ido foldar cike take, babu wanda zai kalli hotuna dubu da ɗari tara ya ce da saura. Ƙirgar ce kawai ta tona.

Na goge rabin aikin da ke kwamfutar na sake, amma kashi-kashi. Sunan kowane hoto yana ɗauke da ranar da aka ɗauke shi, kamar IMG_20230422, saboda haka na jera su da suna, na kwashe na 2022 na ƙirga, sai na 2023, har na iso bana. Jimla ta zo 2,140 daidai. Na kuma danna foldar da maɓallin dama na zaɓi Properties, layin Size ya nuna giga 6.8 kamar na wayar.

Ko da haka ban yarda ba tukuna, domin katin nan na jabu ma adadi ya cika a cikinsa. Na cire wayar daga kwamfutar gaba ɗaya, don in tabbata abin da nake buɗewa ba daga wayar yake fitowa ba. Na buɗe hoton farko, na ƙarshe, da wajen talatin a tsakiya, kowanne na buɗe shi ya cika allo, saboda ɗan ƙaramin hoton da ake gani a jeri yana iya fitowa lafiya alhali babban ya lalace. Bidiyo kuwa na riƙa ja zuwa ƙarshensa, don wanda ya yanke farkonsa yakan yi wasa.

Kayan WhatsApp ban kwashe su duka ba. Na shiga Settings na manhajar, Storage and data, sai Manage storage. A nan na ga bidiyon wani biki mai mega 60 ya shigo min sau huɗu daga zauruka huɗu. Na share irin waɗannan, kusan giga 6 suka tafi ban ji ko ɗar ba. Ragowar giga 3, wato WhatsApp Images da WhatsApp Documents, na kwafa na ƙirga kamar na farko.

Yanzu kwafi biyu ke nan, ɗaya a waya ɗaya a laftof. Amma da zarar na share na wayar, ɗaya ya rage, kuma laftof ɗin nan yana yawo a jaka a bayan babur cikin zafin Potiskum da ƙurar hunturu. Saboda haka na sayi filas mai giga 32 a shago mai ba da rasit, kuma kafin in amince masa na cika shi taf da finafinai, na zare, na mayar, na buɗe na farko da na ƙarshe. Duka suka yi. Akwai ƙaramar manhajar kwamfuta mai suna H2testw da ke yin wannan gwajin da kanta, ga wanda yake da ita. Na goge finafinan, na zuba hotunan.

Wanda ba shi da kwamfuta zai iya jona filas kai tsaye da waya ta ɗan mahaɗin OTG, sai dai ya duba bakin cajinsa ya sayi daidai da shi. A wasu wayoyin sai an kunna OTG a Settings kafin su ga filas ɗin. Ni dai ba na ba da shawarar kai waya shagon buga takardu a sauke hotunan iyali a kwamfutar da kowa ke zama a kai.

Ma'aji ya tambaye ni me ya sa ban tura su Google Photos na huta ba. Hanya ce mai kyau, amma a san halinta. Kyautar giga 15 ce, kuma Gmail da Drive da ajiyar WhatsApp duk a cikinta suke ci. Ajiya marar iyaka ta ƙare tun 1 ga Yuni, 2021. Tura giga 6.8 kuma datar giga 6.8 ce daga aljihunka. Babban tarkon shi ne gogewa: idan ka buɗe manhajar ka danna kwandon shara a kan hoto, yana tafiya daga wayar da kuma ajiyar intanet a tare, sai dai ka ceto shi daga Trash cikin kwana 60. Maɓallin da ke share na wayar ya bar na intanet shi ne Free up space, kuma kafin ka taɓa shi ka shiga photos.google.com a wata na'urar ka ga hotunan da idonka. Sannan na tambayi ma'aji ko ya san kalmar sirrin Gmail ɗinsa. Ya yi shiru, ya ce yaron da ya sayar masa da wayar ne ya buɗe masa. To ranar da wayar ta faɗi a kasuwar shanu, hotunan suna can a ajiye, mabuɗin kuma babu. Na tura takardun ƙungiya kaɗai, da hotunan iyali ɗari da 'yan kai da na zaɓa.

Sai da aka yi sallar la'asar na share na wayar, na bar na wata ukun nan. Na duba Storage, wurin bai ƙaru yadda nake zato ba, gabana ya faɗi. Ashe suna cikin Recently deleted na manhajar hotuna, inda suke jira kimanin kwana 30 suna ci gaba da cin wuri. Na bar su suka kwana, da safe na sake buɗe filas ɗin na duba, sannan na zubar. Giga 14 da ɗoriya suka buɗe. Na kashe Media auto-download na bidiyo don kada zaurukan su sake cika min ita kafin azumi.

Filas ɗin yana cikin akwatin da nake ajiye takardar gida, a ɗaki daban da inda laftof ke kwana. Hoton Baba kuwa, bara wani ɗan uwanmu a Damaturu ya samo kwafin da na taɓa tura masa ta WhatsApp. Ya ɗan dushe saboda matsewar manhajar, amma ana gane fuskarsa da rawaninsa. Shi na fara sawa a filas ɗin, na kuma kai an wanke min shi a takarda.