Sa hannu uku kafin a nemi biza

Mu ’yan Bungudu da muka riga ku shiga jami’a, in aka yi zancen zuwa waje a yi zango ɗaya na karatu, abin da ƙannenmu ke fara tambaya shi ne fasfo da kuɗin jirgi. Mu kuwa da ofishin shugaban sashe muke farawa.

Ɗauki shirin Erasmus+ na Tarayyar Turai, wanda tun 2015 yake karɓar ɗalibai daga ƙasashe irin tamu. Ɗalibi ba ya nema a gashin kansa. Sai jami’arsa na da yarjejeniyar musaya da waccan jami’ar, ita ce kuma za ta zaɓe shi ta miƙa sunansa. Don haka ko Jami’ar Tarayya ta Gusau kuka shiga, ko ta Sakkwato, ko ta Zariya, ku fara tambaya: da wa muka ƙulla, kuma sashenmu na ciki? Wata yarjejeniyar ta fanni ɗaya ce kawai.

Wanda aka zaɓa zai cike takardar yarjejeniyar karatu. A gefe guda kwasa-kwasan da zai yi can, a ɗaya gefen na gida da za su maye gurbinsu. Ɗalibi da jami’arsa da mai masaukinsa duk sai sun sa hannu kafin tafiya.

A nan aikin yake, domin mudun awon ba ɗaya ba ne. Yunit ɗaya a wurinmu lacca ce ta awa ɗaya duk mako. A Turai maki ɗaya na ECTS aikin awa 25 zuwa 30 ne, har da karatun ɗaki, kuma cikakken zango maki 30 ne. Saboda haka shugaban sashe ba lamba yake kwatantawa ba, manhaja yake karantawa, ya ga me ɗalibi zai iya in ya gama.

A ce ɗalibar aji uku tana da kwas shida, yunit 18. Can ta samu biyar masu maki shida-shida, an amince sun maye biyar na gida. Na shidan dole ne, sai da shi ake ɗaukar wani kwas a aji huɗu, kuma sau ɗaya ake koyar da shi a shekara. In ba a rubuta tun yanzu yaushe za ta yi shi ba, tana iya dawowa da sakamako mai kyau ta tarar da ƙarin shekara. “Je ki, ba komai” na baki ba ya shiga fayil, kuma shugaban sashe kan canza.

In ta isa ta tarar an soke wani kwas, tana da mako biyar daga fara zango ta nemi canji, kuma sai jami’o’in biyu sun amince a rubuce kafin sabon kwas ɗin ya shiga lissafi.