Yadda na yi asarar naira dubu ashirin a wurin da aka ce "babu la'ada"

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu 'yan mastas da kuɗin bincike ke neman ƙarasa mu, bari in ba ku labarin wata wauta da na tafka, ko wani zai tsira.

Yayana ya dawo daga tafiya, ya zo gida Suleja gaida Hajiya. Da zai koma ya kira ni gefe ya damƙa mini dala 300, 'yan ɗari-ɗari guda uku, ya ce in ƙarasa aikin bincikena. A lokacin ina bukatar kuɗin buga takardun tambayoyi da na zirga-zirga zuwa makaranta, ga ragowar kuɗin rajista. Washegari da sassafe na nufi wurin wani ɗan canji a cikin gari.

Bayan mun gaisa na ce, "Alhaji, nawa dala yau?"

Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malam, saye za ka yi ko sayarwa?"

Da ina da wayo, a wannan tambayar zan tsaya. Amma ni abin da ke raina kawai kada a yanke mini wani abu. Na ce sayarwa zan yi, nawa ne la'adarsu? Ya yi murmushi ya ce, "Mu ba ma karɓar ko sisi. Dala 1,480 ce." Ya danna kalkuleta, ya tura mini naira 444,000, na ji alat na fito ina jin na yi ciniki.

Sati biyu bayan nan, mujallar da na tura wa maƙalata ta amsa, aka ce in biya dala 200 kuɗin bugawa. Wani abokina mai asusun dala ya ce in kawo masa dalar a hannu, shi zai biya da katinsa. Na koma wurin Alhajin nan. Na tambaya ko kasuwa ta motsa, ya ce tana nan inda na bar ta. Na ce to a ba ni dala 200. Ya ce 1,560.

Na ce, "Haba Alhaji! Ba 1,480 ka karɓi tawa ba?"

Ya ce, "Wancan farashin saye ne, wannan na sayarwa. Malam, in na saya na sayar a kuɗi ɗaya, me zan kai gida?"

Na biya naira 312,000. A kan hanyar komawa gida, cikin keke napep, na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Wannan dala 200 ɗin, ranar da na sayar, naira 296,000 aka ba ni a kanta. Yau na fanshe ta a 312,000. Dala ba ta tashi ba, ba ta sauka ba, ba a karɓi la'ada ba, amma naira 16,000 ta bi ruwa.

Ga abin da na fahimta daga baya. Kowane ɗan canji, kowane banki, da galibin manhajojin tura kuɗi, farashi biyu gare su: wanda suke saye daga hannunka da wanda suke sayar maka. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce ladan aikinsu. Idan kana son sanin abin da aka caje ka, haɗa farashin biyu ka raba biyu, ka samu farashin tsakiya. A nawa, 1,480 da 1,560 sun ba da 1,520. Ke nan ranar da na sayar, an rage mini naira 40 a kowace dala, sau 300, naira 12,000. Ranar da na saya an ɗora mini naira 40, sau 200, naira 8,000. Jimilla dubu ashirin. Da Alhaji ya ce in ba shi dubu ashirin kuɗin aiki, wallahi da sai an ji kanmu. Amma da yake an narkar da ita cikin farashi, har godiya na yi masa.

Kada a fahimce ni a baibai, ban ce ya cuce ni ba. Mai riƙe da dala yana cikin kasada: tana iya faɗuwa kafin ya sami mai saye, ana iya kawo masa jabu, ga haya, ga tsoron ɓarayi. Kuma a gari irin namu masu neman dala ba su kai na Abuja yawa ba, 'yan canjin ma ba su da yawa, don haka dole tazarar ta yi faɗi. Laifina shi ne na tambayi farashi ɗaya, a wuri ɗaya.

A daren na kira wani ɗan ajinmu da ke da ɗan uwa a kasuwar 'yan canji ta Zone 4 a Wuse. Ya ce su a makon suna saye 1,510, suna sayarwa 1,530. Ka ga tsakiyar ɗaya ce, 1,520, amma tazarar naira 20 ce maimakon 80. Da can na kai dala 300, da na karɓi 453,000, ƙarin naira 9,000. Ko na cire kuɗin mota daga Suleja ta Madalla da Zuba zuwa Wuse da dawowa, da saura a aljihuna. Sai dai wannan ma yana da iyaka. Da dala 50 ce a hannuna, bambancin naira 1,500 ne kawai, bai kai kuɗin mota ba, zamana a gida ya fi. Tazara da yawan kuɗinka take girma, kuɗin mota kuwa yana nan yadda yake.

Shi ya sa kalmar "babu la'ada" ta daina burge ni. A ce wani zai ba ka 1,510 ya kuma cire naira 3,000 kuɗin aiki, za ka tashi da 450,000. Mai cewa kyauta ne ya ba ni 444,000. Wanne ya fi sauƙi?

Abu ɗaya kuma, kada ku rikita wannan da bambancin farashin gwamnati da na kasuwar bayan fage. Kafin Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canjinsa a watan Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a hukumance, a titi kuma ta haura 700. Wancan kasuwanni biyu ne daban. Abin da nake magana a kai yana kan teburin mutum ɗaya ne, kuma yana nan ko da farashin banki da na titi sun zo daidai.

Yanzu in zan yi canji, kafin in faɗi abin da ya kawo ni, cewa nake, "Nawa kuke saye, nawa kuke sayarwa?" Sannan in faɗi irin takardar da ke hannuna, domin ƙananan daloli da tsofaffin bugu galibi ana karya musu farashi. Tambayar ƙarshe ita ce, "Nawa zai shigo asusuna bayan an cire komai?" Wannan adadin nake kwatantawa a wuri biyu ko uku ta waya.

Babban abin da ya fi ci mini rai shi ne, na san na tura maƙala, na san in an karɓa da dala zan biya. Da dala 100 kawai na canza na lallaɓa da ita, na ɓoye sauran a ƙasan akwati, da naira 4,000 kaɗai tazarar ta ci mini. Har yau ban gaya wa Yaya ba. In ya ga wannan rubutun, Yaya a yi haƙuri, maƙalar dai ta fito.