Rawar Bidiyon Dron: Daga Ina Take?

Duk bidiyon dron da aka kawo mini yana rawa, tambayata ɗaya ce: a hannu ma yana yi, ko sai an tashi sama?

Kafin nan dai, ni ba na kunna gimbal sai kyamara ta zauna daidai, da batir da katinta a ciki. A kashe nake karkata ta in saki. In ta tsaya inda na bar ta, shi ke nan. In ta rinjayi gaba, sai in matsar da ita baya kaɗan, don in ba haka ba injinan gimbal za su yi ta dakon nauyi har su ɗau zafi.

Sai in kunna, in riƙe dron ɗin a hannu, farfela a tsaye. In na ji zuuu a yatsuna, saiti ne ya yi yawa. A SimpleBGC nakan rage D na sashen da ke karkarwa kaɗan-kaɗan har ƙarar ta ɗauke, sannan in taɓa P.

Amma fa in lafiya lau yake a hannu, sai a sama gine-gine ke lanƙwashewa kamar inuwa cikin ruwa, to bar gimbal ya huta. Wannan kaɗawar ta fi ƙarfin saurinsa. Galibi farfela ce gefe ɗaya ya fi nauyi, ɗan salatif a gefen da bai kai ba yakan gyara ta. Duba robobin da ke riƙe gimbal ɗin kuma, rana tana busar da su.