Rubutun da ke bayan kwali

Naira ɗari takwas na saye shi a wani shago kusa da ƙofar makaranta, lokacin ina aji ɗaya. Ƙuraje ne suka dame ni, wata ƙawata a hostal ta ce in gwada. Hoton lemo da kyakkyawar fuska kawai na kalla a gaban kwalin, ban ko juya bayansa ba.

Cikin kwana goma ƙurajen suka kwanta, fuskata ta yi haske. Kowa sai ya ce, "Ke, me kike shafawa ne?" Na ci gaba safe da dare har wata biyar. Daga nan fatar kumatuna ta yi laushin da ba na lafiya ba, ƙananan jijiyoyi suka fito raɗau, rana kaɗan sai raɗaɗi. Da na daina, kwana uku ban iya fita lacca ba, don fuskar ta kumbura tana zafi kamar an zuba barkono. Sai na koma shafawa, ta lafa. Nan tsoro ya kama ni.

A asibiti likitar fata ta karɓi kwalin ta juya shi, ta ce, "'Yata, karanta min nan." Da ƙyar na haɗa harufan: Clobetasol propionate 0.05%. Ta ce ai wannan magani ne mai ƙarfin gaske, na cututtukan fata masu tsanani. Likita ke rubuta shi na ɗan lokaci, galibi sati biyu, kuma ba a cika yarda a sa shi a fuska ba. Yana danne kumburi, yana tsuke jijiyoyin jini, shi ya sa fata ke haske da wuri. In an daɗe ana shafawa sai ya cinye kaurin fatar, ta kuma saba da shi. Ba ta bari na yanke shi lokaci guda ba, a hankali ta janye ni. Sai da na yi kusan wata shida kafin na yarda in kalli madubi da rana.

Abin da ya fi ƙona min rai, takardar cikin kwalin ta yi gargaɗin duk wannan. Ni ce na jefar da ita.

Yanzu kafin in biya kuɗi sai na juya kwali. In na ga Clobetasol ko Betamethasone, na san magani ne, sai in ajiye. Ina duba lambar rajistar NAFDAC da ranar da zai lalace. Man haɗi kuwa, wanda ake ɗurawa a roba ba rubutu ko ɗaya, ko kyauta ba na karɓa, don ba abin da zan karanta.

Satin jiya na ga irin kwalin nan a kan gadon wata 'yar aji ɗaya. Na juya mata shi na ce, "Ƙanwata, karanta min nan."