Amsa-amon da ba ya ƙetara iyaka

Duk wanda ya buɗe kundin waƙoƙi mai Hausa a shafin hagu da Turanci a na dama, ya fara duba ƙarshen ɗangwaye. A hagu zai ga sun jeru da sauti ɗaya tun daga sama har ƙasa. A dama kuwa kowane ɗango da inda ya dosa.

Ɗauki "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" ta Sa'adu Zungur, wadda Dandatti Abdulkadir ya fitar da fassararta cikin littafinsa na 1974. 'Yar ƙwar biyu ce, kuma amsa-amonta "ya" ne. Hausa ta sauƙaƙa wa mawaƙi wannan aiki, domin yawancin kalmominta da wasali suke ƙarewa. Gaskiya, duniya, dukiya, zuciya, lafiya, duk ga su a hannu, kuma su ne kalmomin da mai gargaɗi yake bukata. Takwarorinsu na Turanci kuwa kowace da irin ƙarshenta. Mai fassarar da ya nace sai ya riƙe sauti ɗaya zai ƙare kalmominsa tun waƙar ba ta yi nisa ba, daga nan ya shiga cusa abin da Sa'adu bai faɗa ba. Gane wannan ba wuya: a duba kalmar ƙarshe ta ɗangon Turanci, a neme ta a shafin Hausa. In babu ita, amo ne ya kawo ta, ba ma'ana ba.

Shi ma karin waƙar haka yake. Namu a kan nauyin gaɓa yake tafiya, mai nauyi da mara nauyi, irin na arulin Larabci. Na Turanci kuwa a kan gaɓar da ake ƙarfafawa wajen furuci. Ma'aunan biyu ba sa hawa kan juna.

A ganina gara a saki amsa-amon a riƙe ginin baiti. Ɗango biyu su zauna biyu, kuma maganar da Sa'adu ya ajiye a ƙarshen baiti, inda murya take sauka in ana rerawa, kada a janyo ta gaba don jimlar Turanci ta yi santsi.

To, a nan bayanin mai fassara yake da aiki, ko da rabin shafi aka ba shi. Sau da yawa akan cinye shi da tarihin marubuci, alhali mai karatu a Landan ko Legas zai iya samun wannan a wani wuri. Abin da ba zai taɓa ganowa daga shafin dama ba shi ne cewa waƙar rera ta ake yi, kuma sauti ɗaya ne yake rufe kowane baiti. A faɗa masa wannan ƙarara, a ce an bar amsa-amon da gangan, a kawo dalili, sannan a nuna masa ya bi ƙarshen ɗangwayen shafin hagu da ido ko da bai iya Hausa ba.